Mikiron Sama

Mushe Ɗalha, wato Malam Ɗalha, diraktan lakwal, makarantar boko ta Dungas, ya shiga kasuwar Magariya don ya saya wa mahaifiyarsa salula. Inna Ƙande tana Guci, ƙanenta Usaini yana Ɓaɓura, shekara tara ba sa magana saboda wata gonar gado da yanzu ko gujiya ba ta yi. Kawu Usaini ya kwanta ciwo, ya aiko cewa zai kira yayarsa, amma ba ta wayar ɗanta ba. Ba zai nemi gafara yaro yana riƙe da waya yana sauraro ba. Yaron shekararsa hamsin da biyu.

Mai rumfar wayoyin, Muhsin, tsohon ɗalibin Mushe ne, wanda ya maimaita aji sau biyu a hannunsa.

"Mushe, wannan ta hannu ce, jiya ta zo cikin kaya daga Kano. Ni ma ban duba ta ba. Mu tambaye ta da kanta."

Ya danna wasu lambobi a wurin kira, allon ya koma jerin gwaje-gwaje. Ya taɓa na babbar lasifika, kiɗa ya tashi har mai tsiren gefe ya waiwayo. Ya taɓa na ƙaramar lasifikar kunne, ya kara wa Mushe. Ƙara ta fito siririya, ba kakarewa.

"Saura mikiro. Biyu ne. Yi magana nan ƙasa, za ta maido maka."

"Alo," in ji Mushe. Wayar ta ce alo.

"Kai, Mushe, lakwal guda kake cikawa da murya. Ƙara mana!"

Masu zaman rumfa suka yi dariya. Mushe ya gyara tabarau.

"Saura na sama, wannan ɗan ramin," in ji Muhsin. "In aka buɗe lasifika, irin wannan wayar da shi take ɗaukar murya."

"Na ji muryata, ta isa."

"Ai wancan daban ne, Mushe. Minti guda."

"Muhsin, yau kai ne za ka yi mini darasi?"

Muhsin ya rufe jerin, ya sa wayar a leda. Mushe ya yi shekara ashirin da bakwai yana hana yara miƙa takarda ba su sake karantawa ba, amma dokar ta yara ce.

A Guci ya nuna wa Inna inda za ta danna ta buɗe lasifika, don kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin ta kunne. Ya ma gwada: ya kira ta yana zaune a tabarma guda da ita, ya ji ta sarai. Ya koma Dungas da gamsuwa. Da ya kira washegari bai ji komai ba, sai ya ce rezo ne, layin waya ne ba kyau. Kowa ya san rezon Guci, yana ɗaukar laifin kowa ba ya musu.

Ranar Laraba bayan la'asar Kawu Usaini ya kira. Inna ta danna inda aka nuna mata, ta aza wayar a cinya.

"Yaya Ƙande, ni ne Usaini. Gobe za a kai ni asibiti Kano. Abin da ya wuce, ki yafe mini."

"Na yafe, Usaini. Ni ma ka yafe mini."

"Yaya? Kina ji na?"

"Ina ji! Na ce na yafe, duniya da lahira!"

Ta ɗaga murya har kajin tsakar gida suka watse. Ta ji numfashinsa, ta ji tarinsa, ta ji ya ce wa wani, "Ta ɗauka, ga lokaci yana tafiya. Ba ta son magana ne." Ya jira ɗan jim.

"To. Na gane. Allah ya ba mu alheri."

Kafin ta sami maƙwabciya mai waya da kuɗin kira, ya kashe tasa. Zuciya irin ta gidansu ce. Ran Juma'a ya rasu a hanyar ɗakin tiyata.

A zaman makoki a Ɓaɓura, Mushe ya ja Nafisa, ɗiyar marigayin, gefe. Ya yi mata bayani dalla-dalla: mikiro biyu ne, na ƙasa da na sama, na saman ne ya mutu, Inna ta yafe har sau biyu. Bayani ne mai kyau, babu kuskure ko guda a cikinsa.

Nafisa ta saurara har ya gama.

"Na yarda, Yaya Ɗalha. Ni ce nake riƙe masa wayar. Sai dai ba ni ce nake jiran amsar ba."

A motar komawa Inna ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa ya so ta yi. Sai da suka wuce Magariya ta yi magana, idonta yana kan gonaki.

"Wanda ya sayar maka, bai san ta lalace ba?"

"Ya so ya duba, Inna. Ni na hana."

"Sauri kake yi?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi dalili ba.