Gyara Ne Kawai, Malam Nababa

Ni na goyi Sama'ilu, ni na koya masa riƙon fartanya, amma a shekarar 2007 sai da ta kai idan mun shiga kasuwar Tsanyawa tare, shi ake fara gaisarwa. Malamin firamare ne fa kawai. Ya zuba 'yan kuɗinsa a hannun jarin wasu kamfanoni tun 2005, lokacin da ba wanda ya san abin a ƙauyenmu, kuɗin suka ninka, suka sake ninkawa. Ya sa sabon kwano a ɗakinsa, ya sayi babur. Duk sanda na ji ƙarar babur ɗin nan sai in juya baya in shige gida. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba.

Matata Rahmatu ta ce, "Malam, ka je ka tambaye shi mana, ai ƙanenka ne."

Ni in tambayi Sama'ilu? Allah ya kiyaye. A watan Fabrairun 2008 na ba Alhaji Sabo mai hatsi jinginar gonata ta bakin rafi, wadda na gada daga mahaifinmu, a kan naira dubu ɗari huɗu. Muka yi sharaɗi a gaban mai unguwa: zai noma ta damina ɗaya, idan ban mayar da kuɗin kafin shuka ta gaba ba, zai yi mini ciko ta zama tasa. Na shiga bas zuwa Kano ba tare da kowa ya sani ba.

A ofishin dillalan hannun jari aka haɗa ni da wani saurayi mai suna Kamilu. Ya ɗauki takarda ya zana mini tudu.

"Malam Nababa, masana sun ce kasuwa zagaye take yi, mataki huɗu. Na farko tarawa: farashi yana ƙasa, mutane sun tsorata, 'yan kaɗan suna saye a hankali. Na biyu hauhawa, shi Turawa ke kira kasuwar bijimi, don sama yake kai ƙaho. Na uku rabarwa: farashi ya kai ƙololuwa yana rawa, waɗanda suka shiga da wuri suna sayar wa sababbin zuwa. Na huɗu gangara, kasuwar beya, wata dabba da ke kai mari ƙasa."

"Yanzu a wanne muke?"

"Gaskiya sai ya wuce ake tabbatarwa. Amma an daɗe ana hawa, kada ka zuba abin da ba za ka iya rasawa ba."

Na yi dariya a raina. Yaro zai koya wa manomi zagayen kasuwa? Ai gero ne. Da kaka ya yi arha, a ɓoye a rumbu, Agusta ta zo a sayar da tsada. Na ce ya saya mini wanda ya fi kowanne gudu, da kuɗin duka.

Mako uku na yi ina jin kaina Alhaji. A farkon Maris farashi ya fara zamewa. Zuwa Mayu na buga wa Kamilu waya daga shagon mai caji.

Ya ce, "Kasuwa ta sauka kamar kashi goma cikin ɗari daga ƙololuwarta. Wannan gyara ake ce masa. Sau da yawa takan huta ta ci gaba da hawa, amma ba kullum ba. In ta kai kashi ashirin, suna ya canja, ta zama gangara."

Ni kalma ɗaya na riƙe, gyara. Na yi ta maimaita wa Rahmatu har ta daina tambaya.

A ƙarshen Yuli Sama'ilu ya same ni a zaure. Ashe ya ji labarin jinginar tun tuni, ya yi shiru saboda kunya. Ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Yaya, kasuwa ta sauka kashi ashirin. Ni na sayar da nawa tun Afrilu. Ba wayo ba ne, tsoro na ji da na ga har mai shayi yana ba da shawarar abin da za a saya. Ka sayar yanzu, abin da ya rage ni zan cika, mu karɓo gonar Baba."

Da wani ne ya faɗa mini, wataƙila da na ji. Amma abin da ya shiga kunnena shi ne tun Afrilu. Wato ina can ina ta cewa gyara, shi ya riga ya kwashe nasa ya zauna. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Agusta na tafe. Ka taɓa ganin wanda ya buɗe rumbu ana saura wata ɗaya tsada?"

"Yaya, wannan ba shi da kaka, ba shi da damina. Yakan yi shekaru a ƙasa."

"To malam, na ji darasi. A gaida gida."

Agusta ta zo, gero ya yi tsada kamar kullum, takardun jarina kuwa suka ci gaba da narkewa. A Oktoba na ce wa Kamilu ya sayar. Ya ce ya shigar da umarnin, amma masu sayarwa sun yi layi, mai saye babu. Ban taɓa jin kayan da za ka karya farashinsu a rasa mai tayawa ba. Ko ƙaiƙayi ka kai kasuwa wani zai taya. Na janye, na ce bari a ga sabuwar shekara.

A shekarar nan taki ya gagari mutane, ni kuma ba gona. Na yi ƙwadago a gonakin yaran da na girma, Rahmatu ta sayar da awakinta biyu. Duk da haka idan Sama'ilu ya aiko da kwanon masara sai in ce a mayar, muna da shi.

A Maris na 2009, da na ga shuka ta matso, na ce a sayar ko nawa ne. Dubu casa'in da biyar suka zo hannuna. Kamilu ya ce wasu masana na ganin an kusa komawa matakin tarawa. Na ce ya tara shi kaɗai, na kashe wayar.

Ranar da wa'adi ya cika muka hallara a ƙofar mai unguwa. Alhaji Sabo ya zo da cikonsa a aljihu, ni na zo da dubu casa'in da biyar da ba za su yi komai ba. Kafin a fara magana sai ga ƙarar babur. Sama'ilu ya sauka, ya gaida dattawa, ya ajiye ƙunshi a gaban mai unguwa.

"Ga cikon kuɗin fansar gonar Yaya," in ji shi. Ya juyo gare ni ya rage murya. "Ba bashi ba ne. Gonarka ce."

Dattawa suka yi ta sa masa albarka, wani har da hawaye. Duk ido ya dawo kaina. Na buɗe baki na ce na gode, kuma wallahi tunda nake ban taɓa furta maganar da ta yi mini ɗaci kamarta ba. Na so gonar, na same ta, amma a wannan lokacin da Alhaji Sabo ne ya tafi da ita da zuciyata ta fi sanyi. Na san wannan mummunan abu ne. Na yi istigfari, bai fita ba.

Ruwa ya sauka a farkon Yuni. Ina cikin shuka ni da Rahmatu, ina saran rami tana zuba iri, sai wasu mata biyu suka biyo ta hanyar rafi da tuluna. Ɗaya ta tambayi 'yar'uwarta ta ina ake yankewa zuwa gari.

Ta ce, "Ki bi ta gefen gonar Malam Sama'ilu, nan inda yayansa ke aiki."

Rahmatu ba ta ɗago kai ba. Ni ma na ci gaba da sara.