Zif Mai Tauraro

Don Zenón Aruquipa ba ya aiken mutum kasuwa sai ya zage shi tukuna, tun kafin a yi laifin. Haka ya yi wa Basilia ran da ya fara aikenta sayen kayan ɗinki.

"Ke, buɗe kunnenki. Zare mai kan rago, allura mai jar takarda lamba goma sha shida, zif mai ƙararrawa. Kika kawo mini wani tarkace, wallahi ke za ki cinye shi."

"Na ji, Maigida."

"Kin ji a ina? Duk haka kuke cewa."

Basilia ba yarinya ba ce. Ta haura talatin, ta gaji da tallar lemo a bakin tasha, shi ya sa ta zo koyon ɗinki a shagon tsohon, nan garin El Alto. Rigunan sanyi suke ɗinka wa 'yan dakon da ke hawa duwatsun ƙanƙara da kayan baƙi a baya. Ƙanenta Wilder yana cikinsu, kuma shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Wajen Doña Primitiva ake sayen komai, tun ba yau ba. Mace ce mai faɗi da fara'a, ta zauna tsakiyar kayanta ta baza siket, hularta a karkace. Ta ƙirga wa Basilia zare da allura da zif, duk irin waɗanda aka ce. Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta zaro wani dogon zif ruwan lemo, mai manyan haƙoran roba, da ɗan tauraro a kansa.

"Ungo gyararki, 'yata. Sabon shigowa ne, ke na fara ba."

To, kowa a garin nan ya san ba a juya gyara ana duba ta a gaban mai bayarwa. Ka ja zaren da ka saya ka ga ko zai tsinke, ka murza allura a kan tebur ka ga ko ta lanƙwashe, wannan haƙƙinka ne. Amma gyara alheri ce, godiya ake yi a sa a jaka. Ita ma ta yi godiya ta sa a jaka.

Da ma tana da wata riga da take ɗinka wa Wilder da ragowar ƙyalle, duk sanda Maigida ya fita cin abinci. Ita ce riga ta farko da ta yanka da kanta. Zif kaɗai ya rage, sai ga shi ya zo kyauta, dogo daidai. Ta ɗinka shi da zare mai kan rago, layi biyu. Wilder ya sa, ya ja zif ɗin har haɓa, ya juya a gaban madubi.

"Kai, Yaya! Turawan nan za su ɗauka ni ne mai kuɗin, su ɗaukar mini kaya."

"Rufe mana baki, mummuna. Ka dai dawo da ita ba datti."

Washegari ya tafi hawan dutsen Illimani da ayarinsu.

Bayan tafiyarsa ne Don Zenón ya juye mata wani buhu a ƙasa. Riguna ne na gyara, waɗanda wasu teloli suka ɗinka, masu su suka kawo a canza zif.

"Farke su. Kuma kada ki yi ta farka kamar akuya tana cin takarda. Duba kan kowanne ki ga tambarinsa. Nan ake sanin kaya, ba a bakin mai sayarwa ba."

Ta ɗauki ta farko. Ɗan ƙarfen da ake ja ya buɗe baki, ba ya haɗa haƙoran. Ta juya shi, sai ga tauraro. Ta biyu haƙora uku sun ɓalle a tsakiya, ita ma tauraro. Ta uku mai ƙararrawa ce, rigar ta tsufa ta koɗe, ƙyallen gefen zif ɗin ne ya cinye, haƙoran kuwa ko ɗaya bai motsa ba. Ta huɗu tauraro. Nan ta soki yatsarta.

"Maigida, wannan mai tauraron fa?"

Tsohon ya yi tsaki. Ya fita bayan shago inda ruwan bokiti ke kwana ya daskare, ya dawo da guntayen zif biyu da ya jefa a ciki tun jiya. Ya lanƙwasa mai ƙararrawa, ya miƙe abinsa. Ya lanƙwasa ɗayan, sai ƙas, haƙora suka zubo kan tebur kamar tsabar masara.

"Kin gani? A cikin gari zai yi shekara lafiya lau. Can sama robar ke bushewa. Wanda ya sa wa ɗan dako wannan, ai gara ya tura shi rami kawai."

Ta fita ƙofar shago ta dubi gabas. Kullum Illimani na nan tsaye fari fat a ƙarshen titi, amma yau babu shi. Wani baƙin hadari ya zauna masa a ka, alhali ba lokacin hadari ba ne. Tsoro ya kama ta. Ta kira wayar Wilder, ba ta shiga ba. Da ma can ba ta shiga, ta sani, amma ta sake kira.

Ta koma ta faɗa wa Don Zenón komai. Ta zaci zai zage ta, ta ma fi son ya zage ta. Mutumin da ke zagi kan allura guda, sai ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Ya tafi da wata rigar?"

"Ya bar tsohuwar a gida. Ya ce tawa ta fi."

Kwanakin da suka biyo baya keken ɗinki bai yi mata daɗi ba. Iska ta riƙa kaɗa kwanon rufi, masu zuwa shago suna cewa ƙanƙara ta rufe hanyar sama. Ta je wajen Doña Primitiva da niyyar yi mata tas, ta tarar da ita tana miƙa wa wata mata irin zif ɗin, da murmushinta, da zuciya ɗaya. Ita ma ba ta sani ba. Basilia ta fizge shi daga hannun matar, ta ce a kwashe su duka a zubar, mutane suka bi ta da kallo kamar mahaukaciya.

Da hantsi wata rana wani ɗan dako mai suna Fortunato ya shigo shagon. Fuskarsa ta ƙone da sanyi, leɓɓansa sun tsage. Ya ajiye rigar Wilder a kan teburin yanka, gabanta a wangale, an huda gefe da gefe an zura igiya.

"Yana raye, Doña Basilia," ya yi saurin cewa. "Yana asibiti."

Ta dafa tebur.

"Iska ta same mu a saman dutsen. Zif ɗin ya rabe tun daga ƙasa. Ya cire safar hannu wai zai mayar da shi, ya daɗe yana fama. Muna ta yi masa ihu ya bari, ya ƙi. Sai da muka danne shi muka ɗaure rigar da igiya." Ya sunkuyar da kai. "Yatsu uku na dama sun yi baƙi. Likita ya ce gobe za a yanke."

Don Zenón ya jawo mata kujera, ba ta zauna ba.

"Me ya ce a faɗa mini?" ta tambaya. "Ya aiko da saƙo?"

Fortunato ya murza hularsa a hannu.

"Ya ce in ce miki a dutse ya maƙale ya yage ta, laifinsa ne. Har rantsuwa ya sa na yi. Amma na ga ke tela ce, kina dubawa za ki gane."