Ɗinki Komai Karkacewarsa

Tun safe Auta ta kasa zama. Ta taka keken ɗinki, ta tashi, ta duba waya, ta dawo. Jiya ta wallafa rubutu a shafinta kan yadda sabon shiga zai zura zare a keken ɗinki. An karanta sosai, amma ko tari babu wanda ya yi.

"'Yan kallo kawai!" Ta wurga wayar kan tulin yadi.

Yayarta ta ajiye dutsen guga, ta ɗauki wayar, ta karanta har layin ƙarshe: "Ku yi rajistar ajinmu na wata shida yau."

"Haba Auta! Yaro bai fara rarrafe ba, kin ce ya yi gudu?"

Auta ta goge layin tana ƙunƙuni, ta rubuta: "Ki gwada a tsumma, ki turo min hoton ɗinkin, komai karkacewarsa."

Kafin ta gama haɗa hannun riga, wayar ta yi ƙara. Hoto ne, ɗinki kamar tafiyar maciji. A ƙasansa an rubuta: "Anti, sai me kuma?"

Auta ta fara rubuta "rajista". Yaya ta yi gyaran murya.