Masan Zama a Gidan Liman

Don gwiwoyin Liman Siddiƙ aka sa masai na zama a gidansa da ke Dogon Daji, amma ɗansa kuma na'ibinsa Nu'umanu ne ya fi kowa morarsa. A gidan malamai ba a ganin na'ibi yana kallon bidiyo a waya. Bayi kuwa ba mai ƙwanƙwasa maka, ba mai yi maka magana. A tsohon masan tsuguno ƙafa ke kore shi da wuri. Wannan kuwa bai korar kowa.

Matarsa Raihanatu kan ɗora tukunya ya shiga, ta sauke bai fito ba. Ita ke masa wanki, ita ta fara ganin jini a wandonsa.

Gida ya yanke hukunci: basir ne, zaƙi ya kawo shi. Aka hana shi rake da shayi, aka sayo jiƙo daga kasuwar Fakku. Shekara nawa ana ɗora wa sukari laifin nan, bai taɓa samun mai kare shi ba.

Ranar da zaman tahiya ya gagare shi, Liman ya kai shi asibitin Tambuwal, Raihanatu na biye da su.

"Ba zaƙi ba ne," in ji likita. "A kan masai dubura ba ta da abin tokara. In ka daɗe, jini ya taru cikin jijiyoyin wurin, su kumbura, su zazzago. Ga yunƙuri kuma. Kana shiga da waya?"

Liman ya riga shi amsawa. "Wayar da ad da Alƙur'ani ciki? Ɗana na fa, likita."

"Ban shiga da ita," in ji Nu'umanu, idonsa a ƙasa.

Raihanatu ta ajiye maganar sai sun koma gida. Ba a gaban suruki ba.

A gida ta ce, "Malam, ka bar min wayar in za ka zagaya."

"Ke al likitan yanzu?"

"Ni am mai wanki."

Ya tura wayar aljihu.

Juma'ar da Liman ya ce ya ja jama'a, don a saba da shi kafin shi Liman ya sauka, Nu'umanu ya sa farar riga. Daga inda mata suke Raihanatu ba ta ga komai ba. Ta dai ji muryarsa ta yanke bayan huɗuba, sai muryar ƙaninsa Dawuda ta ta da kabbara. Sahun gaba duk sun ga bayan rigar.

Liman bai yi faɗa ba. Ya ce Dawuda ya riƙe limancin, ya kuma sa a ƙaro jiƙo.

Da la'asar tana durƙushe tana cuɗa rigar, jinin ya ƙi fita, Nu'umanu ya wuce ta da buta a hannu, yana tafiya a tale. Aljihunsa ya rinjaya gefe guda. Ta ji ya sa sakata.