Hannun da Ke Kafaɗar Inna

Ranar da dangi suka taru a unguwar Nima don taya Inna Fatu murnar tashi daga jinya, Sa'adiyya tana bakin aiki a asibitin Maamobi, an hana ta fita. Aka ci, aka sha, aka jeru a tsakar gida cikin yayi, atamfa shuɗiya iri ɗaya, aka ɗauki hoto. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yan Inna babu, abin kuwa ya tsaya mata a rai.

Sai yayarta Maiturare ta kira ta. Maiturare irin matan nan ce da ko atishawa za ka yi a gidan sai ta tsara maka lokacin yi.

"Sadiya, Issaka mai foto ya ce zai iya sa ki ciki. Kin yarda?"

"Na yarda mana, Yaya. A ƙara ni."

Ta ɗaura yayinta ta tafi shagon Issaka a Kotobabi. Bai ɗauke ta a ciki ba. Ya fito da ita waje da la'asar, ya juya ta har rana ta bugi kumatunta na hagu kamar yadda ta bugi na sauran, ya ja baya daidai nisan da ya tsaya ran taro.

"Sista, in haske bai zo ɗaya ba, kowa zai gani liƙi ne. Ɗan miƙa hannun dama gaba, kamar kin dafa mutum."

Ta miƙa. Ba ta tambayi wa take dafawa ba.

Ran Juma'a ta tarar da hoton rataye a falon Inna, an sa masa gilashi. Ga ta nan tsaye bayan kujerar tsohuwa, wurin da ya fi kowane daraja, har da inuwarta a bango. Aiki ya yi kyau, ba a cewa komai. Ta matsa tana murmushi, sai idonta ya sauka kan hannun da ke kafaɗar Inna.

Ba nata ba ne. Yatsun gajeru ne, farata a cinye, ga tabon ƙuna a bayan hannun. Ta san tabon nan sarai. Na Asana ne, matar marigayi ƙaninsu Kadiri, mai sayar da doya a Old Fadama, wadda ta bar kasuwarta ta zauna tana wanke Inna tana kwashe mata fo duk tsawon jinyar. Sa'adiyya ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu Asana.

Ji ta yi kamar ta tsinci gashi a tuwon da ta riga ta ci rabi. Ta kira Issaka.

"Ina matar da ke bayan Inna?"

"Ei, Sista, ni na ce a sa ki a gefe, in ƙara bango kaɗan, wuri ya ishe. Hajiya Maiturare ya ce a'a, wancan bai sa yayi ba, ya ɓata foto. Hannu kam na bari, don ya kwanta kan mayafin tsohuwa, in na cire za a gane. Na haɗa shi da hannun rigarki."

"Wato ka goge ta?"

"Ban goge ba kuraa, ko kaɗan. Tana nan a kwamfuta, tana ƙarƙashinki. In na ɗaga ki, za ta fito."

Tana ƙarƙashinki. Sa'adiyya ta ji ƙyamar murmushin nan nata na cikin gilashi, ta ji ƙyamar atamfar ma. Ta juya ga Maiturare, wadda ke kishingiɗe tana ɓare lemo.

"Yaya, cewa na yi a ƙara ni. Ban ce a ɗora ni kan mutum ba."

"To mene ne? Ta fito daga bakin murhu da tsohon zane, fuska duk gumi, ta tsaya tsakiyar mutane. Hoton nan har Jamus za a tura wa Kawu Idrisu fa."

"Wa ya ba ta yayin da za ta sa?"

Maiturare ta tofar da ƙwallon lemo a tafin hannu.

Ana cikin haka Asana ta shigo da tsumma, don ita ke share falon. Ta gaishe su a ladabce, ta hura wa gilashin iska, ta goge shi tsaf, har kan fuskar Sa'adiyya. Ashe kullum haka take yi tun da aka rataye shi.

"Asana, gobe zan mayar a gyara," in ji Sa'adiyya.

"Anti, ki bar shi, ya yi kyau," Asana ta ce, tana ninke tsumman. "Ai hannuna ya fito. Dama shi aka sani a gidan nan."

Sa'adiyya ba ta jira goben ba. Ta hau kujera da takalmanta, ta ciro hoton daga ƙusa, ta kife shi a ƙirji don kada ta sake haɗa ido da kanta, ta nufi Kotobabi.