Zanar da Tanne Ta Kafa

Yayata Tanne ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, ko a mafarki. Ni Hassana, ƙanwarta da muke gida ɗaya a Filinge, ni ce bakinta. In tana son a ba shi tuwo, sai ta dubi bango ta ce, “A ce wa mutumin nan abinci na hucewa.” Sunansa Baƙo, ni kam ina faɗa har da ƙarfi, don ba ni na haife shi ba. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta a ƙasarmu ta Kurfai, amma ta Tanne ta wuce misali. Matan yanzu sun sassauta, ita ko kamar ita aka bar wa gadon.

Baƙo yana can arewa wajen haƙar zinari. Shi da abokansa sun daɗe suna cin ƙasa a rami ɗaya, kuma dokar wurin ita ce duk wanda ya tashi kafin a kai ga dutsen zinarin, wani ya maye gurbinsa, guminsa ya tafi a banza. Kafin ya tafi ya saya wa uwarsa salula, ya sa mata Watsaf. Rezon can, wato hanyar sadarwar waya, ba ya ɗaukar kira, sai dai rubutu, shi ma da rarrafe. Tanne ta yi karatun manya, tana karanta boko sarai. Sai ya rubuto mata gaisuwa, ta karanta, ta kife wayar, ta ce da bango, “A ce an gode.” Ni kuma in amsa masa ta tawa wayar.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba, amma ni na sani, shi ne ɗan layin nan da ke ƙarƙashin sunansa, wanda ke cewa “vu”, wato “an gan shi” da Faransanci, da ranar da ya leƙa Watsaf ta ƙarshe. Kullum ta idar da sallar asuba, kafin ta ɗora ruwa, sai ta duba shi. In ya ce jiya, to, ramin bai rufta da ɗanta ba. Da wannan layin take karya kumallo.

Matsalar ta taso ranar da ɗiyarta Jamila ta zo daga Baleyara. Jamila baki gare ta kamar reza. Muna sussukar hatsi da matan unguwa ta ce, “Inna, ke da kike cewa babu ruwanki da Yaya Baƙo, ya ce ko saƙonshi bai gama sauka ba kin shuɗa shi.”

Tanne ta tsayar da taɓarya. “Na shuɗa mi?”

Jamila ta bayyana mata, tana dariya. In ka aika saƙo, maki ɗaya ke fitowa a gefensa, irin wanda malamin lakwal ke ba ɗalibi in ya ci, wato ya tashi. In ya sauka a wayar mutum, makin ya zama biyu, masu ruwan toka. In mutum ya buɗe ya gani, su koma shuɗi. “Kuma vu ɗin da kike dubawa, shi ma yana ganin naki. Ya san asuba kike leƙawa.”

Mata suka kwashe da shewa. Wayyo, Tanne! Ashe duk zamanin nan ta ɗauka ta tagar gefe ɗaya take leƙe, ba a ganinta. Ta shige ɗaki, ranar ba ta ƙara fitowa ba.

Ranar kasuwa ta ɗauki wayar ta kai wa Naziru mai cajin salula a bakin tasha, ba tare da ta gaya mini ba. Ta ce ya rufe mata duk wata kafa da ake ganinta. Daga baya Naziru ya rantse mini ya buɗe baki zai yi mata bayani, ta ce ba wa'azi ta zo saye ba. Ya rufe vu, ya rufe wanda ke nuna mutum yana kan layi, ya kashe shuɗin maki, ya miƙa mata.

Kwanaki kaɗan na ga Tanne ta canza. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta bar awaki da ƙishirwa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wata safiya ina tankaɗe ta zo ta tsaya kaina, ta miƙo wayar, tana kallon wani wuri.

“Rubutun da ke ƙarƙashin sunan mutumin nan ya ɓace.”

Na goge hannu, na buɗe tawa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, ya leƙa jiya da yamma. Na nuna mata. Ta sauke wata ajiyar zuciya, sannan fuskarta ta sake ɗaurewa.

“To ni ɗai ya toshe ke nan. Ya gaji da rubuta wa kurma.”

Raina ya ɓaci, don na ga hawaye a idonta, kuma Tanne ba mai kuka ba ce. Na karɓi wayarta na shiga wajen saiti. Ina gani na tafa hannu.

“Yaya, wa ya taɓa miki wayar ga?”

Ta ambaci Naziru.

“To ba wanda ya toshe ki. Ke kika kafa zana. In kin ɗaga zana don kar maƙwabci ya ga tsakar gidanki, ke ta ina za ki ga nashi? Haka suka gina abin. Kin ɓoye naki vu, an ɗauke miki na kowa. Kin kashe shuɗinki, ko kin aika saƙo ba ki ganin shuɗin kowa. A gurup ne kawai ba a iya ɓoye shi, ke ko kin ƙi shiga gurup ɗin gida don yana ciki.”

“Wace irin mugunta ce wagga? Wayata ce!”

“Ba mugunta ba ce, adalci ne. Da ana iya leƙe ba a ga mai leƙe ba, kowa sai ya rufe nashi ya zauna yana leƙen na wasu. To wa za a gani? Ki ba da, a ba ki. Kawo in buɗe.”

Ta fizge wayar. “In buɗe ya gan ni, mata su yi mini shewa? Ke da kike gani, ki riƙa gaya mini.”

Kai, taurin kan Tanne! Na ce ni ba 'yar aike ba ce tsakanin uwa da ɗa har abada, na koma tankaɗena.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da hantsi saƙon Baƙo ya shigo mini: “Iya Hassana, mi ya samu Inna? Vu ɗinta ya ɓace. Saƙona na sauka, maki biyu, amma ba mai buɗewa. Wayar na kunne, mai ita ce ba ta taɓa ta.”

Na amsa masa lafiyarta lau, tana nan tana faɗa da awaki.

Amsar ta daɗe kafin ta iso. “Haka kuka ce mini lokacin Baba.”

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Gaskiya ya faɗa. Shekarar da ubansa ya rasu, Baƙo yana birnin Yamai, dangi suka yi abin da aka saba, aka ce masa jiki ne ya ɗan motsa, ya dai zo. Ya iso ya tarar da tabarmin makoki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na rubuta masa cewa saiti ne aka taɓa, ya ce Inna ba ta san hanyar saiti ba, in nemi wata ƙaryar. Sannan ya ƙara: akwai mota da za ta tashi bayan azahar, ya ɗaure kayansa, ramin ya bar wa mai rabo.

Na samu Tanne a gindin turmi, na karanta mata duka, ban rage ko harafi ba.

“Kin ji? Ashe ba ke ɗai ke karya kumallo da layin nan ba. Shi ma kullum sai ya ga kin leƙa yake sauka rami. Kin rufe ido, kin rufe mishi nashi. Yanzu zai zubar da wahalarshi duka, ya hau hanyar hamada, don ya zo ta'aziyyar matar da ke zaune tana tsinke zogale. Kunyar ta yi riba?”

Ta kunce wayar daga bakin zane ta ajiye a cinyata.

Na mayar da komai yadda yake. Muka buɗe shafinsa, sai ga layin ya dawo ƙarƙashin sunan, yana nuna yana kan layi a daidai lokacin. Na ce masa ya aika sabon saƙo. Ya aiko da sallama, Tanne na riƙe da wayar a buɗe.

“Ya shuɗa?” na tambaye shi ta tawa.

“Ya shuɗa. Amma kowa na iya buɗe wayar mamaci, Iya.”

Innalillahi! Yaron nan kan uwarsa ya ɗauko, ba tantama. Rana na ta hawa. Na ce, “Yaya, ba sauran dabara. Ki rubuta mishi da hannunki. Ki ce, Baƙo ɗana, ni ce uwarka, ina lafiya.”

Ta dube ni kamar na ce ta yi rawa a kasuwa. “Bakinki ya sari ɗanyen kashi.”

“To ki bar shi ya hau mota!”

Ta juya mini baya. Na ga kafaɗarta na motsi, tana danna haruffa da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Saƙonta na farko ke nan gare shi tun da aka sayi wayar. Da ta gama na leƙa ta saman kafaɗarta. Ga abin da ta rubuta:

“A ce wa mutumin nan ya kunce kayanshi ya koma aiki. Ba a mutu ba.”

Na dafe kai. Na ce shi ke nan, ta ɓata. Maki ɗaya ya tsaya, ya tsaya, har na fara zagin rezo. Ya zama biyu. Sannan, a gaban idon Tanne, ya koma shuɗi. Ba ta taɓa ganin shuɗin da yake nata ba, sai ta kai yatsa ta shafa shi.

Wayata ce ta yi ƙara, ba tata ba, don shi ma ya san ladabi.

“Ita ce, Iya. Da ku ne, da kun kira ni da suna. Na sauke jakata.”

Na karanta mata da ƙarfi. Ta tashi ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauki ƙwaryar zogalenta, fuskar nan kamar ba a yi komai ba. Na ce, don tsokana, “In mayar miki da zanar? Yanzu fa yana ganinki.”

Ta kai bakin ɗaki kafin ta amsa, kuma bango ta gaya wa.

“A bar shi ya gani.”