Hoton da Manaja Ya Turo

An karɓe lambar sirrin shafin kamfanin daga hannun 'Yar Jarida ranar Laraba, bayan ta ƙaryata abin da kamfanin da kansa ya riga ya amsa laifinsa tun bara.

Kamfanin na motocin safa ne. Ita ke kula da shafukansa na sada zumunta, a wani tebur da ke tsakanin firinta da ƙofar Manaja. Daga gidan jarida aka ɗauko ta farkon shekarar nan, sunan kuma ya bi ta.

Da safiyar Talata ne Manaja ya turo mata sikirinshot, wato hoton allon waya. Rubutun wata mata ce, tana cewa motar kamfanin ta lalace a daji, direba ya hau wata motar ya bar fasinjoji cikin rana, ita kuma da jariri a goye. An yanke saman hoton, ba suna, ba kwanan wata. Manaja bai haɗa da ko kalma ɗaya ba.

Haka ya saba. Wani lokaci martani yake so a tsara masa, wani lokaci a bincika ko gaskiya ne, wani lokaci kuma a taƙaita masa abin da mutane ke faɗa don ya shiga taro da shi. A makonta na farko ta taɓa tambayarsa wanne yake nufi. A gaban kowa ya ce, "Har sai na tauna miki? Ba daga jarida aka ce kin zo ba?" Tun ranar ba ta sake tambaya ba.

Ta miƙa wa sakatariya wayar.

"Anti, me kike gani yake so?"

Sakatariya ta leƙa ta saman tabarau. "Ni boka ce? Ki shiga ki tambaye shi mana."

"Ki rufa min asiri."

"To ki yi istihara."

'Yar Jarida ta san aikin da ya kamata. A nemo ainihin rubutun a shafin mai shi, a ga ranar da aka wallafa, a kira tasha. Tashar kawai ta kira. Ta tambayi shugaban direbobi ko wata mota ta lalace a makon nan.

"Ko taya ba ta fashe ba, 'yata," in ji shi.

Sai ta rubuta cewa labarin ba shi da tushe, kuma kamfanin bai taɓa yasar da fasinja a hanya ba. Ta tura wa Manaja. Ya mayar mata da alamar babban yatsa. Ta wallafa.

Kafin azahar wani ya binciko takardar ban haƙurin da kamfanin ya fitar bara kan wannan mota, da sa hannun Manaja, ya jera ta kusa da martanin. Daga nan matar da kanta ta fito. Ta sa hoton yaron, yanzu yana tafiya da ƙafarsa, ta rubuta: "Wannan ma ƙarya ne?"

'Yar Jarida ta goge martanin, amma an riga an ɗauki hotonsa.

Washegari aka kira ta ofishin Manaja. Shugaban direbobi na zaune, hularsa a gwiwa.

"Baba, ai ka ce min babu abin da ya faru," in ji ta.

"Makon nan kika tambaye ni. Da kin ce bara, ni na je na kwaso mutanen."

Ta juya wajen Manaja. "Ranka ya daɗe, ka sa min yatsa."

"Yatsa na nufin na ga saƙo. Ina tuƙi. Ko mai gadi ya turo min gaisuwa yatsa nake sa masa."

Ya ce ta rubuta wa sakatariya lambar sirrin shafin, sauran magana sai mai kamfanin ya dawo daga tafiya. Ta rubuta a tsaye, hannunta a kan teburinsa, ba ta ɗaga kai ba.

Da ta fito, ba wanda ya kalle ta. Wayarta na ɗauke da saƙon tsohon editanta, mutumin da ya koya mata kada ta yarda da hoton da ba kwanan wata. Layi ɗaya ne: "Ke ce kika rubuta wannan?" Ta kife wayar a kan tebur.

Sakatariya ta ajiye mata ruwa. "To wai tun farko me yake so ki yi da hoton?"

"Bai faɗa ba."

"Kin tambaya?"

Ta ɗauki ruwan ta sha.

Da la'asar wayar ta yi ƙara. Manaja ne. Sikirinshot ne na rubutun matar, mai hoton yaron. Ba saƙo a ƙasa. Ƙofarsa a buɗe take, yana ciki yana waya. 'Yar Jarida ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofar da wayar a hannu tana jiran ya gama. Har aka tashi daga aiki bai gama ba.